Yadda ake rubuta tarihin rayuwa idan ƙwaƙwalwa ta yi giɓi ko dangi sun musanta

Duk mai rubuta tarihin rayuwarsa zai iso wurin da labari ya yanke. Ko dai ya tuna farko da ƙarshe amma tsakiya babu komai, ko kuma ya tuna abu sarai, ɗan'uwansa ya ce sam ba haka aka yi ba. Aikinka a irin wannan wuri shi ne mai karatu ya san daga ina kowace magana ta fito: wadda ka gani da idonka, wadda aka gaya maka, wadda takarda ta nuna, da wadda kake zato. Sauran matakan duk hanyoyi ne na cim ma wannan.

Za mu bi misali guda har ƙarshe. A ce wata marubuciya tana son rubuta ranar da aka tashe su daga gidan haya tana yarinya. Abin da take tunawa shi ne tana da shekara bakwai, ana ruwan sama, mahaifiyarta na zaune a kan akwati tana kuka, mahaifinta kuma na cacar baki da mai gida a bakin ƙofa. Daga nan ba ta tuna komai sai ganin kanta a sabuwar makaranta. Yayanta, wanda ya girme ta da shekara biyar, ya ce mahaifinsu ma ba ya gari a ranar.

Fara da rubuta naka kafin ka tambayi kowa

Zauna kai kaɗai ka zuba abin da ke kanka a takarda, ɗanyensa, ba gyara. Abin da ka gani, abin da ka ji da kunne, inda kake tsaye, wanda ke gefenka. Inda ka tarar babu komai, rubuta "a nan ban tuna ba" ka wuce. Sa kwanan wata a saman takardar, ka adana ta, kada ka sake taɓa ta da gyara. Duk gyaran da zai zo daga baya a wata takarda zai shiga.

Dalilin wannan tsari shi ne tunawa ba ta zama yadda aka ajiye ta. Duk lokacin da mutum ya ɗauko wani abu daga ƙwaƙwalwa sake haɗa shi yake yi, kuma abin da ya ji daga baya kan shiga ciki ba tare da ya sani ba. A shekarar 1974 masu binciken ƙwaƙwalwa Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nuna motocin sun ragargaje sun ce kimanin mil 40 a sa'a, waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna suka ce kimanin 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi mutanen ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a bidiyon, amma 16 cikin 50 na waɗanda suka ji kalmar mai zafi sun ce sun gani, alhali 7 ne kawai cikin 50 suka ce haka a rukunin da ya ji kalma mai sauƙi. Idan kalma guda a cikin tambaya ta iya wannan, to ina ga hirar awa biyu da yayanka? Da zarar ya ba ka nasa labarin, da wuya ka ƙara iya raba naka da nasa.

Yi wa kowace jimla alama

Ɗauki kwafin abin da ka rubuta, ka bi shi jimla bayan jimla, kana sa harafi ɗaya a gefe. G idan ka gani ko ka ji da kanka a wurin. J idan wani ya ba ka labari. T idan akwai takarda, hoto ko wani abu da ke tabbatarwa. Z idan zato ne, wato hankali ne ya nuna maka tabbas haka aka yi amma ba ka da hoton abin a ranka.

Wannan ne matakin da ya fi wuya, domin J da Z sun iya shigar G. Likita kuma marubuci Oliver Sacks ya rubuta a tarihin ƙuruciyarsa da ya fito a 2001 cewa ya ga bama-bamai biyu da suka faɗo kusa da gidansu a Landan lokacin yaƙin duniya na biyu. Na biyun mai tada wuta ne, ya kwatanta mahaifinsa yana fesa ruwa, 'yan'uwansa na ɗauko masa bokitai. Bayan littafin ya fito sai yayansa Michael ya ce masa na farkon gaskiya ne, amma na biyun ba su nan, suna makarantar kwana su biyun. Wani yayansu, David, shi ya rubuto musu wasiƙa ya ba da labarin dalla-dalla. Sacks ya bayyana daga baya cewa ko da ya yarda da hakan, hoton na biyu bai rage ƙarfi a ransa ba, daidai yake da na farkon.

Ke nan ƙarfin hoto a zuciya ba shaida ba ne. Haka ma sakankancewa. Washegarin tarwatsewar kumbon Amurka mai suna Challenger a watan Janairun 1986, masanin halayyar ɗan Adam Ulric Neisser ya sa ɗalibai 106 a Jami'ar Emory suka rubuta inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan shekara biyu da rabi da ɗoriya aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Mutum 11 ba su dace da ko ɗaya daga cikin abubuwan da suka rubuta da hannunsu ba, kuma da yawa cikin masu kuskuren suna cike da tabbaci.

To ta yaya za ka gane G na jabu? Ba a samun tabbas ɗari bisa ɗari, amma akwai alamun da ke sa a dakata. Idan labari ne da ake yawan maimaitawa a gida, har kowa ya san inda ake dariya, yi shakka. Idan hoton da ke ranka ya yi daidai da wani hoto da ke cikin kundin hotunan iyali, wataƙila hoton kake tunawa. Idan abin ya faru kafin ka kai shekara uku, mafi yawan manya ba sa riƙe komai daga wannan lokaci, don haka ka ɗauka J ne sai in akwai dalili mai ƙarfi. Idan kuma kana tuna abin da ba zai yiwu ka gani daga inda kake ba, kamar maganar da aka yi a ɗaki alhali kana waje, wani ne ya kawo maka ita.

Marubuciyarmu da ta bi nata, kukan mahaifiya a kan akwati ya tsaya a G, har launin akwatin da sanyin ƙarfensa a cinyarta tana tunawa. Shekara bakwai ta koma Z, domin lissafi ne ta yi daga baya. Wucewa zuwa sabuwar makaranta kuwa giɓi ne tsantsa.

Nemi takardu, amma ka san iyakarsu

Takardar sakamakon jarrabawa, takardar canjin makaranta, rasidin haya, katin asibiti, wasiƙu da hatimin gidan waya a bayan ambulan, rubutun bayan hoto, tambarin shige da fice a fasfo, tsofaffin saƙonnin waya. Waɗannan su ke warware rigimar yaushe da ina. Takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru ta fi wadda aka rubuta bayan shekaru nauyi, kuma wadda aka rubuta don wata buƙata dabam, kamar rasidi, ta fi wadda aka rubuta don kare kai. Takarda ma tana kuskure: ranar haihuwa da aka cike da ƙiyasi tana iya bin mutum daga wannan takarda zuwa waccan har ta zama kamar gaskiya.

Idan babu takarda, jingina abin da wani lamari da duniya ta san ranarsa, kamar zaɓe, husufin rana ko rasuwar wani shugaba, sannan ka duba kalandar shekarar ka ga ko ranar mako ta dace da abin da kake tunawa.

A misalinmu, ban da takardar tashi daga gidan, an sami abu biyu. Takardar canjin makaranta ta nuna shekararta tara. Sai wasiƙar da mahaifin ya aiko daga wani gari, hatimin ambulan ya nuna kwana uku kafin ranar da ke kan takardar tashin. Lura da abin da wasiƙar ta tabbatar da abin da ba ta tabbatar ba. Ta nuna yana nesa kwana uku kafin ranar. Ba ta nuna bai dawo ba. Masu rubutu kan yi gaggawa a nan, su ɗora wa takarda kayan da ba ta ɗauka ba.

Tambayi shaidu ɗaya bayan ɗaya

Kada ka tara su wuri guda, domin wanda ya fi baki ko ya fi shekaru shi zai ja ragamar labarin, sauran su bi. Nemi izini ka naɗi muryar, ko ka rubuta nan take. Kada ka karanta musu naka tukuna, kuma kada ka sa musu amsa a baki. Maimakon "ka tuna ana ruwa ranar, ko?" ce "ba ni labarin ranar da muka tashi." Ka bar shi ya gama kafin ka shiga tambayoyin bi-baya, waɗanda mafi amfaninsu biyu ne: a ina kake tsaye, kuma ka gani ne ko an gaya maka?

Ga yadda ta kasance tsakanin marubuciyar da yayanta:

"Yaya, wa ya yi magana da mai gidan a ranar?"

"Kawu ne. Baba ai ya yi tafiya."

"Kai kana ina lokacin?"

"Ni aka aika in kira mai motar ɗaukar kaya. Da na dawo na tarar da Kawu a bakin ƙofa yana huci."

"Ke nan ba ka ga faɗan ba?"

"Ban ga farkonsa ba. Amma Mama ta sha faɗa cewa Kawu ne ya tsaya mana."

Dubi abin da tambaya biyu suka fito da shi. Kasancewar Kawu a wurin G ne a wajen yaya. Cewa shi ya yi faɗan J ne, daga mahaifiyarsu. Idan ƙanwarsu ma ta ce Kawu ne, a tambaye ta inda ta ji. In daga bakin mahaifiyar ne, to ba shaidu biyu aka samu ba, shaida ɗaya ce ta fito ta baki biyu. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke bin isnadi su ga inda hanyoyi suka haɗu, kuma mai ruwaya da bai tabbatar da lafazi ba yakan ƙara da "ko kamar yadda ya ce".

Rarrabe irin saɓanin kafin ka rubuta shi

Ba duk saɓani ne iri ɗaya ba. Wanda takarda ta yanke, kamar shekara bakwai ko tara, sai ka bi takarda. In kuskuren naka yana da ma'ana, faɗe shi a jimla guda: mace da ta ɗauki kanta ƙaramar yarinya fiye da yadda take a ranar ta gaya wa mai karatu wani abu game da tsoron da ta ji. In ba shi da ma'ana, gyara ka wuce ba tare da sanarwa ba.

Wanda ya shafi fassara, kamar ita tana ganin mahaifinsu ya gaza, yaya na ganin ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ba a sasanta shi da bincike. Littafinka ne, ra'ayinka za ka faɗa, amma ka faɗe shi a matsayin ra'ayinka.

Mai wahalar shi ne na tsakiya, wato abu ne da ya faru ko bai faru ba, amma babu abin da zai yanke hukunci. A nan kurakurai biyu ke jiran marubuci. Na farko ya danne labarin ɗan'uwansa kamar bai taɓa ji ba. Na biyu ya haɗa labaran biyu ya fito da na uku, misali ya sa uba da kawu duka a bakin ƙofa, abin da babu wanda ya tuna. A ganina na biyun ya fi muni, domin yana kama da adalci alhali ƙirƙira ce. Abin da ya dace shi ne ka ba da naka da cikakken ƙarfinsa, ka kawo nasa da kalmomin da shi zai yarda nasa ne, ka faɗi abin da takarda ta nuna, sannan ka bayyana inda ka karkata da dalilinka, ko ka ce ka kasa yankewa.

Ga yadda sakin layin zai iya fitowa:

"Ina da shekara tara, in ji takardar makaranta, ko da yake a raina ban wuce bakwai ba. Mama na zaune a kan koren akwatin ƙarfe tana kuka ba sauti, ni ina jingine da ita. A bakin ƙofa wani namiji yana ɗaga wa mai gida murya. Shekaru da yawa fuskar Baba nake gani a jikin mutumin. Yaya ya ce Kawu ne, kuma akwai wasiƙar da Baba ya aiko daga nesa kwana uku kafin ranar. Na fi zaton Yaya ne da gaskiya. Amma har yau in na rufe ido Baba nake gani, wataƙila don shi na so ya tsaya a wurin."

Babu abin da aka ɓoye a ciki, kuma labarin bai mutu ba. Ruwan sama ya fita, domin babu wanda ya tuna shi sai ita, kuma da ta sake dubawa ta kasa tantance ko na ranar ne ko na wata rana.

Giɓi

Hanya uku ce. Ka tsallake, in abin da ya ɓace ba ya canza fahimtar mai karatu: "Bayan makonni na fara sabuwar makaranta." Ka faɗi giɓin a fili, in rashin tunawar kansa labari ne: "Ban san inda muka kwana a makonnin nan ba. Na tambayi Yaya, ya ce gidan wata ƙawar Mama, amma ban ga ɗakin a raina ba." Ko ka yi hasashe da alama a goshinsa.

Hasashe na da ƙa'ida. Buɗe shi da kalmar da ba ta da harshen damo, kamar "ina kyautata zaton" ko "in na ƙiyasta". Gina shi a kan abin da ka sani, irin halin mutanen da yadda suka saba yi. Kada ya wuce sakin layi ɗaya ko biyu, domin mai karatu kan manta da "wataƙila" da ya gani shafi uku baya, ya ɗauki sauran a matsayin abin da ya faru. Sannan ka rufe shi a fili, da jimla irin "abin da na tabbatar shi ne", don a san an dawo kan tabbas.

Zance tsakanin mutane shi ma giɓi ne da ba a cika lura da shi ba. Babu mai riƙe hirar shekara talatin kalma da kalma, kuma masu karatu sun san haka. An yarda ka sake gina magana in ka tabbata an yi hirar kuma ma'anarta ke nan. Ba a yarda ka sa wa mutum furucin da zai canza yadda ake kallonsa ba, kamar amsa laifi, zagi ko alkawari, sai in ka tabbatar ya faɗa. In ma'ana kawai ka riƙe, cire alamar zance ka rubuta "ya ce mini ba zai dawo ba".

Gwargwadon cutarwa, gwargwadon hujja

Kuskure kan launin akwati ba ya cutar da kowa. Cewa wani ya ci kuɗin haya, ya doki wani, ko ya ci amana, wannan zargi ne a kan mutum mai suna da iyali. Bi rubutunka ka ja layi ƙarƙashin duk jimlar da za ta zubar da mutuncin wani, ka duba harafin da ke gefenta. In Z ce, cire ta, ko ka mayar da ita abin da ka gani zalla ba tare da yanke hukunci ba. In J ce, faɗi wanda ya gaya maka, ka kuma nemi jin ta bakin wanda ake zargi in yana raye kuma zuwa wurinsa ba zai jefa ka cikin haɗari ba. In G ce, musun wanda ya yi laifin ba ya soke abin da ka gani. Rubuta shi, ka ƙara cewa ya musanta. Dokar ɓata suna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma canza suna ba ya kare ka in waɗanda suka san mutumin za su gane shi, don haka irin waɗannan shafuka lauya ya gan su kafin a buga.

Duk sauyin da ka yi da gangan, faɗe shi a gajeren bayani a farkon littafi: an canza wasu sunaye, an sake gina zance daga abin da aka tuna, an taƙaita tazarar lokaci a wuri kaza. Amma bayanin ba lasisin ƙirƙira ba ne. A watan Janairun 2006 aka gano cewa marubucin Amurka James Frey, wanda ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa ya yi kusan wata uku a kurkuku, sa'o'i kaɗan aka tsare shi. Maganar ta kai ga kotu, aka amince a mayar wa masu saye kuɗinsu. Babu wanda ke manta bambancin sa'o'i da watanni, kuma a nan iyakar take tsakanin kuskuren tunawa da ƙarya.

Karatun ƙarshe

Bayan duk wannan akwai haɗarin wuce gona da iri, inda kowace jimla ke ɗauke da "wataƙila" da "in ban manta ba" har karatu ya gundiri mutum. Alamar shakka wurinta inda shakkar za ta canza hukuncin mai karatu a kan wani mutum ko wani lamari. Sauran wurare ka yi magana kai tsaye. Karanta babin da murya, duk inda ka ji "wataƙila" biyu sun biyo juna, ɗaya ta fita, ko kuma jimlar gaba ɗaya.

Daga nan ka kai wa wanda kuka yi saɓani shafukan da suka shafe shi. Gaya masa tun farko abin da kake nema: ya duba ko ka faɗi nasa ɓangaren daidai, kuma ko akwai kuskure a suna, wuri ko lokaci. Ba izinin bugawa kake nema ba. In ya ce ba haka ya faɗa ba, koma kan muryar da ka naɗa. In ya kawo sabuwar hujja, sa ta. In kuwa ya ce kawai ba ya son a faɗa, wannan shawara ce dabam da za ka yanke bisa zumunci da nauyin abin, amma mafita a nan ita ce cirewa ko sakaya suna, ba sauya abin da ya faru ba. Takardar farko mai kwanan wata, kwafin mai haruffa, muryoyin da ka naɗa da hotunan takardu, tara su wuri ɗaya babi-babi, domin edita ko lauya zai iya tambayarka tushen wata jimla bayan kai kanka ka manta inda ka samo ta.